Yadda aka yi maganin mura da tiramol suka shiga jerin haramtattu a wasanni

Tunda aka haramta tiramol a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024 ake ta musu a majalisu da gidajen kallon ƙwallo nan wajajen Gumel, wai ta yaya maganin da likita ke rubutawa zai sa a dakatar da ɗan wasa. To abin ba jiya ya faro ba.

Gwajin ƙwaya a Olimfik tun 1968 aka fara shi, a 1999 aka kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayar ƙara kuzari a wasanni. Fitsari ake karɓa, akalla mililita 90, jami'i jinsinka yana tsaye yana kallo, kai da hannunka za ka raba shi kwalba biyu, A da B, ka rufe, lamba ce a jiki ba suna ba. Idan A ta nuna wani abu kana da damar a buɗe B a gabanka.

Amma ni a ganina inda zancen ya juya shi ne Olimfik ɗin Sidni a 2000, wanda ba a cika tunawa ba. Wata yarinya 'yar Romaniya mai wasan alkafura, Andreea Raducan, shekararta 16, mura ta kama ta, ta sha ƙwayar mura irin wadda kowa zai saya a kemis, ashe akwai sinadarin sudo'efedirin a ciki, wanda ke buɗe hanci amma kuma yana zaburar da zuciya yana kore gajiya. Ta ci zinare, aka gwada, aka ƙwace. Ta ɗaukaka ƙara, kotun wasanni ba ta ce ta yi niyyar maguɗi ba, amma hukuncin ya tsaya, saboda abin da ke cikin fitsarin ake tambaya, ba abin da ke zuciya ba. Wannan ƙa'idar ce ta zauna daram a kundin dokokin WADA da ya fara aiki a 2004, duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhaki, ko wa ya ba ka.

Abin haushin ma, a 2004 ɗin aka cire sinadarin daga jerin, sai da aka ga ana ta dirkarsa fiye da na mura sannan aka dawo da shi a 2010, da iyaka, maikirogiram 150 a kowane mililita na fitsari. Shi ya sa ake cewa a daina sha akalla awa 24 kafin gasa.

Tiramol ma haka ya bi, tun 2012 ake sa masa ido, masu tseren keke suka hana shi a 2019. Yana danne ciwo mutum ya wuce inda jiki ya ce tsaya, ga jiri, a kan keke kuwa faɗuwarka faɗuwar na bayanka ce. Mai lalurar gaske akwai takardar izini ta musamman da ake nema da shaidar likita, sai dai a nan da ake sayen ƙwaya a ƙulle a leda babu kwali, yaron da ya samu kulob a birni ko sunan abin da ya sha ba zai iya rubutawa a fom ba.