Windows ta ƙi hawa faifai: tsakanin BIOS da UEFI

Tambaya: Malam, ina koyon gyaran kwamfuta a Gusau. An kawo laftof ta hannu a sa mata Windows, sai ta rubuto: "The selected disk is of the GPT partition style." Faifan ne ya lalace?

Amsa: Faifan lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. Ƙofar da ka shigo da filashinka ce ba ta dace da shi ba. Kowace kwamfuta tana da 'yar manhaja a jikin babban allon da ke cikinta, wato motherboard, wadda ke fara farkawa ta nemo Windows, kuma iri biyu ce.

Tsohuwar, wato BIOS, ba ta san fayil ba. Tana zuwa farkon faifai ne kawai ta karanta bayit 512 na farko, waɗanda ake kira MBR, ta miƙa musu ragama. A cikin wannan ɗan wuri, bayit 64 ne kacal aka ware don rubuta yadda aka raba faifan, shi ya sa manyan ɓangarori ba sa wuce huɗu, kuma duk abin da ya haura terabayit 2 ba ya amfanuwa.

UEFI kuwa tana karanta fayil. Tana neman wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32, wanda Windows kan ba kamar megabayit 100, ta buɗe fayil ɗin tashi da ke ciki. Abokin tafiyarta shi ne GPT, sabon tsarin raba faifai, wanda ke ɗaukar ɓangarori 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa a ƙarshen faifai saboda ɓacin rana.

Windows ba ta yarda a gauraya su. Idan an tashi ta BIOS, sai faifan MBR. Idan ta UEFI ce, sai GPT. Kai ka tayar da filashi ta tsohuwar hanya alhali faifan GPT ne.

Tambaya: To in goge faifan in mayar da shi MBR? Haka na ga ana yi.

Amsa: Don Allah kada ka yi. Umarnin `clean` na `diskpart`, wanda ake yin gogewar da shi, yana share jadawalin faifan ɗungurungum, har da ɓangaren da mai kaya ya adana hotunan iyalinsa da takardun makaranta, kuma babu buƙatar hakan ko kaɗan. Sake kunna laftof ɗin ka shiga jerin zaɓin tashi, F9 a HP, F12 a Dell. Sau da yawa za ka ga filashinka sau biyu, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa. Zaɓi wannan, saƙon zai ɓace. Idan mai kalmar UEFI ɗin bai fito ba, ko dai an kashe UEFI a saitin injin, ko kuma filashin ne aka haɗa shi don BIOS kaɗai. Sake haɗa shi da Rufus, manhajar da ake sa Windows a filashi da ita, ka zaɓi GPT a wurin Partition scheme.

Tambaya: Idan kuma Windows 10 ce ke aiki a kan MBR, mai ita yana son Windows 11?

Amsa: Nan ne ake buƙatar natsuwa, domin Windows 11 sai da UEFI da TPM 2.0, wato na'urar tsaro da ke cikin injin, don haka sai an mayar da faifan GPT. Fara buga `msinfo32` ka duba layin BIOS Mode. Idan ka ga Legacy, shiga saitin injin ka tabbatar yana da UEFI tun kafin ka taɓa komai. Sai ka kwafe kayan mai ita zuwa wani faifai, ka dakatar da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, idan a kunne yake, ka kuma cika batir. Aikin ba ya daɗewa, amma ba ka so a ɗauke wuta yana tsaka. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa:

```
mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS
mbr2gpt /convert /disk:0 /allowFullOS
```

Layin farko bincike ne kawai. Zai ƙi idan manyan ɓangarori sun wuce uku, ko kuma akwai irin ɓangaren da ake nunawa da sunan Extended ko Logical. A ce faifan yana da System Reserved, da C, da D, da Recovery. Huɗu ke nan, sai ka kwashe kayan D ka cire shi kafin binciken ya wuce. Layi na biyu shi ke sauya faifan ba tare da goge fayil ba, kuma umarnin ba ya mayar da shi MBR bayan an gama.

Da an kammala, laftof ɗin ba za ta tashi ba muddin saitinta yana kan Legacy. Baƙin allo za ka gani da saƙon cewa babu inda za a tashi, kuma a nan ne masu koyo ke firgita su goge komai. Shiga saiti da F10 a HP ko F2 a Dell, ka mayar da shi UEFI, ka kashe CSM ko Legacy Support, ka adana. Idan Windows ta buɗe, sake duba `msinfo32`. Sai ka ga UEFI a layin nan sannan ka kunna Secure Boot, wato kariyar da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da injin.