Gyaran umarnin hoto zagaye bayan zagaye: me ya sa ake taɓa abu ɗaya kawai?

"Ina haɗa hotuna da Stable Diffusion. Jiya na samu wani mai kyau, na ɗan gyara rubutun sai ya ɓace, yau kuma na kasa dawo da shi. Ina matsalar take?"

Mai yiwuwa ka bar akwatin `Seed` a kan `-1`. A manhajar AUTOMATIC1111 da ake sarrafa Stable Diffusion da ita, ma'anar wannan ita ce duk lokacin da ka danna `Generate` za a zaɓo sabuwar lamba da ka. Kowane hoto daga dusar ɗige-ɗige yake farawa, kamar talabijin da ba ta kama tasha ba, kuma wannan lambar ce ke tsara yadda dusar za ta kasance. To ka ga ba rubutu kaɗai ka canza ba, har da tushen hoton. Idan fuska ta lalace, ba ka da hanyar sanin ko kalmarka ce ta jawo ko lambar.

Hoton jiya bai ɓata ba muddin fayil ɗin PNG na asali yana nan. Ka jefa shi cikin shafin `PNG Info`, zai nuna maka umarnin da lambar da duk saitin. Amma idan wanda ka tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin hoto ne ya rage, sai haƙuri, domin matse hoton da ake yi yana goge bayanan.

"To yaya ake yin zagayen a aikace?"

Bari in ba ka misali da wani aiki da na yi, hoton dattijo cikin babbar riga. Na kafe komai tukuna: samfuri ɗaya, wato model ɗin da ke zana hoton, matakan tace dusa na `Sampling steps` 25, `CFG Scale` mai auna ƙarfin bin umarni a kan 7, girma 512 da 768, da lambobin `Seed` huɗu, 101 zuwa 104. Umarnin farko:

```
portrait of an elderly Hausa man in traditional robe, studio light
```

Duka huɗun suka fito da farar jallabiya irin ta Larabawa. A zagaye na biyu na cire `traditional robe` na sa `wide flowing embroidered agbada`, ban taɓa komai ba bayan wannan. Na ji haushin amfani da sunan Yarbanci, amma shi samfurin ya fi ganewa. Uku cikin huɗu suka ba da riga mai faɗi da aiki a ƙirji. Yanzu na san kalmar ce ta yi aikin, tunda dattijon da zamansa kusan suna nan yadda suke.

A zagaye na uku na bar rubutun, na ɗaga `CFG Scale` zuwa 12. Aikin rigar ya ƙara fitowa, amma launi ya ƙone, fata ta yi ƙyalli kamar roba. Na koma 7. Sai a na huɗu na waiwayi hula.

"Me ya sa lambobi huɗu? Ɗaya ba ta isa ba?"

Ɗaya tana yaudara. Wata lambar dama can dusarta ta dace da abin da kake nema, sai ka ɗauka gyaranka ne ya yi kyau. Da a kan 103 kaɗai na gwada, wadda ta ƙi barin jallabiya, da na yar da kalmar da ke aiki. Ni dai ba na yarda da gyara sai ya ci aƙalla uku cikin huɗu. Idan dannawa ta gundure ka, `X/Y/Z plot` zai jera maka su a allo guda: lambobi a gefe ɗaya, kalmomin da kake musanyawa ta `Prompt S/R` a ɗaya gefen.

"Me zan riƙa rubutawa?"

Layi ɗaya ga kowane zagaye, ko a Excel ko a littafin makaranta: lambar zagaye, abin da ka canza, lambobin da ka gwada, nawa suka yi kyau, sunan fayil, da hukuncinka, a riƙe ko a koma baya. A saman shafi ka rubuta cikakken sunan samfurin da na `Sampling method`, wato hanyar da ake tace dusar ta zama hoto. Kada ka rubuta "ya yi kyau" kawai. Bayan mako biyu ba za ka tuna me ya yi kyau ba. Rubuta "riga ta yi faɗi a 101, 102, 104, yatsu sun lalace a 102".

"Na sa lambar da abokina ya ba ni da umarni iri ɗaya, amma hotonmu ya bambanta."

Ku duba girman hoto da farko. Canza 512 zuwa 640 yana sauya dusar gaba ɗaya ko da lambar ba ta motsa ba. Sannan samfurin: lamba 101 a SD 1.5 ba ta da wata alaƙa da 101 a SDXL. Akwai kuma inda ake samar da dusar, domin CPU da GPU ba sa fitar da iri ɗaya daga lamba ɗaya.

Idan yawan matakai kake gwadawa, ka guji zaɓar `Euler a` a `Sampling method`. Yana ƙara sabuwar dusa a kowane mataki, don haka hoton mataki 20 da na 40 za su iya zama mutum biyu daban. Yi gwajin da `Euler` ko `DPM++ 2M`, waɗanda hotonsu ke natsuwa wuri ɗaya yayin da matakan ke ƙaruwa.