Rubutun Katun ɗin Yara a kan Faɗin Gaskiya: Amsoshin Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

"Malam, ina da labari a kan gaskiya. Minti nawa ya kamata katun ɗin ya kai?"

Minti biyar, kuma idan wannan ne aikinka na farko, uku ma sun isa. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu zanen hannu kuma sukan rage wa kansu wahala ta hanyar barin kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Minti biyar ke nan zane 3,600, rabin awa kuwa 21,600. Duk mai turo mini labarin rabin awa alhali mai zanensa mutum ɗaya ne, ya fara yin wannan lissafin kafin ya sake rubuto mini.

"Mutum nawa zan saka a ciki?"

Uku, ko huɗu idan ya zama dole: wanda ya yi ƙaryar, wanda aka yi wa ita, da wanda ƙaryar ta cutar.

"Na rubuta cewa jarumina yaro ne mai kirki da hankali. Me ya sa mai zane ya ce bayanin bai ishe shi ba?"

Saboda ba a zana kirki da fensir. Na gaji da maimaita cewa bayanin ɗan wasa a katun na mai zane ne da mai ɗaukar murya, don haka abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji kaɗai ake rubutawa. Ga misalin da zan bi har ƙarshe, labarin yaron da ya zubar da nonon kakarsa ya ɗora wa akuya.

Ɗanlami, shekara bakwai, siriri ne mai manyan idanu, yana sanye da riga shuɗiya da ta ɗan yi masa yawa, kullum yana riƙe da ƙwallon tsumma. Idan hankalinsa a kwance yake, yana kallon mutum ido cikin ido, amma da zarar ya yi ƙarya sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Kaka tsohuwa ce gajera mai ɗan ƙiba, da zani da kallabi ruwan goro, tana tafiya a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa, tana kiran jikan nata "maigida" kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza. Kyalla akuya ce baƙa mai farin tabo a ciki, ba ta magana, kunnuwanta ne ke nuna halin da take ciki, a tsaye idan tana murna, a kwance idan ta damu.

Murza bakin rigar nan shi ne abu mafi amfani a duk bayanin, domin ta nan ne ɗan shekara huɗu zai gane cewa an yi ƙarya ba tare da kowa ya gaya masa ba. Sannan ka sa mai zane ya cike surar kowannensu da baƙi ƙirin ya jera su. Idan ba ka iya bambance su da inuwarsu kawai ba, yaro ma ba zai bambance su a fuskar ƙaramar waya ba.

"Zan iya sa Gizo ya zama jarumin, tunda yara sun san shi?"

Ban ba ka shawara ba. Abin da yara suka san Gizo da shi a tatsuniya shi ne wayo da yaudara, kuma dabararsa ce ke ba su dariya ko da a ƙarshe ya sha kashi. Idan ka kawo shi, su za su goyi bayan ƙaryar.

"Yaya ake rubuta bayanin hoto na kowace fitowa?"

Kowace fitowa tana farawa da layi ɗaya mai faɗin wuri da lokaci, sai abin da ake gani, sai nisan kyamara idan yana da muhimmanci, sai sauti, magana kuma ita ce ta ƙarshe. Rubutun katun ya fi na fim ɗin mutane yawan bayani, domin babu tsakar gida ta gaske da za a je a ɗauka, kuma abin da ba ka rubuta ba babu wanda zai zana shi.

Fitowa ta 1, tsakar gida, hantsi. Hoto daga nesa: bishiyar darbejiya a hagu, turken akuya a ƙarƙashinta babu kowa a ɗaure, ƙwaryar nono a kan tabarma a dama. Kaka ta rufe ƙwaryar da faifai ta shiga ɗaki. Daƙiƙa ashirin.

Fitowa ta 2, wuri ɗaya. Ɗanlami ya buga ƙwallo, kyamara ta bi ƙwallon har ta doki ƙwaryar. Hoto na kusa: nono yana malala, ya jiƙa gefen ƙwallon. Kiɗa ya tsaya cak. Kyalla ta matso tana lasar nonon a ƙasa.

Fitowa ta 3. Kaka ta fito ta ce, "Maigida, wa ya yi mini wannan aika-aika?" Hoto na kusa a kan yatsunsa suna murza riga, ƙwallon tana bayansa a ɓoye. Ya ce, "Kyalla ce, Kaka." Kaka ta ja akuyar ta ɗaure a turke, ta kwashe dusar da ta zuba mata.

Fitowa ta 4, azahar. Inuwar bishiyar ta kauce daga turken, Kyalla tana cikin rana, kunnuwa a kwance. Ɗanlami yana zaune gaban tuwonsa bai taɓa ba, yana duban akuyar, yana duban farin tabon da ke jikin ƙwallonsa. Babu magana ko ɗaya har tsawon daƙiƙa talatin.

Ka lura cewa turken da inuwar an dasa su tun fitowar farko, kuma duk fitowar huɗun bango ɗaya suke amfani da shi, haske ne kawai ke sauyawa, wanda hakan ke rage wa mai zane aiki sosai. Kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta "Ɗanlami ya ji kunya ya yi nadama". Wannan jimla ce ta littafi. A katun, tuwon da bai ci ba shi ne nadamar.

"Idan yaron ya faɗi gaskiya a ƙarshe, a hukunta shi ko a yafe masa? Iyayen da na tambaya sun rabu biyu."

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowane labari. Akwai wani bincike da Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, inda aka bar yara 'yan shekara 3 zuwa 7 su kaɗai da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiga, sannan aka karanta musu labari kafin a tambaye su ko sun leƙa. Labaran da ke tsoratarwa da mugun ƙarshen maƙaryaci, kamar na makiyayin da ya riƙa ihun kerkeci da na ɗan tsanan da hancinsa ke ƙara tsawo, ba su sa yaran sun ƙara faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne labarin George Washington, shugaban Amurka na farko, yana yaro, inda ya amsa cewa shi ya sare bishiyar mahaifinsa, uban kuma ya yaba masa. Da aka sauya ƙarshen wannan labarin ya koma kan mugun sakamakon ƙarya, tasirin nasa ya ɓace.

Bincike ne guda, a kan yaran wata ƙasa, kuma ƙaryar da aka auna ƙarama ce, don haka ban ce a mayar da shi doka ba. Amma ya yi daidai da abin da duk mai renon yara ya sani, cewa yaro yakan yi ƙarya ne don tsoron duka. Idan a katun ɗinka Ɗanlami ya faɗi gaskiya Kaka ta ɗauko tsumagiya, abin da mai kallo zai ɗauka shi ne da ya yi shiru da ya tsira.

Iyayen da ke cewa yafewa kai tsaye tana lalata yaro su ma suna da hujja, domin idan kalmar "ni ne" tana goge komai, yaro mai wayo zai riƙe ta a matsayin makami. Abin da nake yi a irin wannan labari shi ne in raba laifin gida biyu, zubar da nono daban, ƙarya daban. A fitowa ta 5 Ɗanlami ya zo ya durƙusa, ya ajiye ƙwallon a gaban Kaka, ya ɗago kai ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, ni ne, ba Kyalla ba ce." A bar fuskar Kaka ba motsi na daƙiƙa uku domin mai kallo ya ɗanɗana fargabar, sannan ta dafa kansa ta ce ta ji daɗin da ya faɗa da bakinsa. Bayan haka ta miƙa masa dusa da ruwa ya kwance akuyar ya kai ta inuwa, ya kuma wanke ƙwaryar. Ya biya abin da ya ɓata, amma gaskiyar da ya faɗa ba ta jawo masa ciwo ba.

Wannan tsari ya fi dacewa da 'yan ƙasa da shekara takwas. Ga waɗanda suka fi haka girma, mai yiwuwa ya fi kyau a bar wani ɓangare na asarar ya tsaya, misali Kaka ta rasa cinikin furar ranar, domin sun isa su fahimci cewa ba komai haƙuri ke gyarawa ba. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa shi ne kada Kaka ta gano ƙwallon kafin ya yi magana, domin wanda aka kama dumu-dumu ya amsa laifi bai koya wa kowa gaskiya ba.

"In sa mai ba da labari ya faɗi darasin a ƙarshe?"

A'a. Idan kana tsoron ba a gane ba, nuna wa yara uku zanen fitowa-fitowa ba tare da murya ba, ka tambaye su me ya faru. Idan sun kasa faɗa, fitowa ta 4 ce ba ta yi aiki ba, sai ka koma ka gyara ta.

"Zane za a fara ko ɗaukar murya?"

Murya, domin a kanta mai zane yake auna motsin baki da tsawon kowace fitowa. Kada ka damu idan yaron da ka samo ya kasa karanta takarda, kusan dukansu haka suke: ka faɗa masa layin ya maimaita, jimla ɗaya-ɗaya, a ɗaki mai labule da katifa, bayan an kashe fanka da janareta.