Wasiƙar neman kuɗin manhajar sa ido: yadda ake sa alƙaluman katsewa su yi magana

Shafinmu ya katse sau huɗu daga Yuli zuwa Satumba, ina so in rubuta wa manaja ya ware kuɗin manhajar sa ido. In tara mintunan kawai in aika masa?

A'a. Jimillar mintuna za ta nuna masa cewa akwai matsala, amma ba za ta nuna masa cewa manhajar ce maganinta ba. Manhajar sa ido ba ta gyara saba, aikinta ta lura da wuri ta tashi wanda zai gyara. Don haka kowace katsewa a raba ta gida biyu: daga lokacin da abu ya lalace zuwa lokacin da wani a cikinku ya sani, sai kuma daga nan zuwa lokacin da aiki ya dawo. Kashi na farko ne kuɗin da kake nema zai rage, kuma a kansa wasiƙar za ta tsaya.

Mu ɗauki misali na wani kantin sayar da kaya ta intanet. Ma'ajiyar saba ta cika cikin dare, shafi ya yi minti 185 a kwance, amma minti 150 daga ciki babu wanda ya sani. Takardar shaidar tsaro ta TLS ta ƙare da rana, minti 95, aka yi 40 kafin wani mai saye ya kira. Rumbun bayanai ya daskare da rana, minti 80, 35 a rashin sani. Layin intanet na kamfanin da ke riƙe da sabar ya yanke, minti 50, aka gano cikin minti 5. Jimilla 410, kuma 230 daga ciki sun tafi ne ba tare da kowa ya motsa ba. Wannan 230 ɗin ya fi 410 daraja a idon manaja.

A ina zan samo lokacin da katsewar ta fara, tunda babu abin da ke lura a lokacin?

A kundin bayanan saba. Idan Nginx kuke amfani da shi, duba `access.log` ka nemo inda amsar 200 mai nuna komai lafiya ta tsaya, 502 ko 503 masu nuna matsala suka fara jeruwa. Idan shafin ya mutu gaba ɗaya za ka ga giɓi, babu layi ko ɗaya. A rumbun bayanai kuma duba odar ƙarshe da ta shiga kafin shiru da ta farko bayan an dawo. Lokacin da aka sani kuwa yana cikin saƙon farko da aka tura a zauren WhatsApp na ma'aikata, ko kiran farko da sashen kula da abokan ciniki ya rubuta.

A kula da agogo. Saba da yawa suna rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, agogon Najeriya da Nijar kuma yana gaban UTC da awa ɗaya. Idan ka ɗauki farkon katsewa daga saba, ka ɗauki lokacin sani daga wayarka ba ka daidaita ba, ka ƙara wa kowace katsewa minti 60 na ƙarya. Idan wani injiniya ya gano haka a gaban manaja, duk sauran alƙalumanka sun zama abin zargi.

Ina bukatar in sa kaso cikin ɗari?

Layi ɗaya ya isa. Yuli zuwa Satumba kwana 92 ne, wato minti 132,480. Katsewar minti 410 tana nufin shafin ya yi aiki kashi 99.69 cikin ɗari. Haɗarin wannan adadi shi ne yana da kyan gani, manaja zai iya cewa ai mun kusa ɗari. Sai ka ajiye masa ma'auni kusa da shi: wanda ya yi alƙawarin 99.9 minti 132 kacal aka yafe masa a waɗannan watanni, ku kuwa kun ninka haka sau uku.

Yaya zan mayar da mintuna su zama naira?

Nan ne wasiƙu da yawa ke faɗuwa, saboda zuzutawa. A ce kantin yana cinikin naira 300,000 a awa da rana, 40,000 a awa cikin dare. Mai gaggawa zai ninka 410 da cinikin rana ya rubuta asarar fiye da miliyan biyu, akanta kuma zai rushe lissafin nan take, tunda mafi tsawon katsewar ta faru ne mutane na barci.

Lissafin da zai tsaya da ƙafarsa shi ne a ɗauka manhajar za ta faɗakar cikin minti 5. A katsewar dare an ceto minti 145, kusan naira 97,000. A ta TLS minti 35, naira 175,000. A ta rumbun bayanai minti 30, naira 150,000. A ta huɗu babu abin da aka ceto, kuma ka faɗi haka da bakinka. Kusan naira 420,000 ke nan a wata uku. Karɓo cinikin awa daga sashen kuɗi, ka rubuta cewa daga wurinsu ya fito. Ka kuma ambata cewa wasu masu saye sukan dawo daga baya, saboda haka ba duka kuɗin ne ya salwanta ba.

Cikar ma'ajiya da ƙarewar TLS ma ana iya hango su tun da sauran lokaci, idan aka saita faɗakarwa a kan kashi 80 na ma'ajiya da kwana 14 kafin takardar ta ƙare. Ka sa wannan a matsayin ƙari, kada ka cusa shi cikin babban adadin.

To, me zan rubuta a wasiƙar kanta?

Shafi ɗaya, buƙatar kuma a jimlar farko. Idan kuɗin shekara ya kama naira 1,200,000, ga yadda za ta fara:

"Ranka ya daɗe, ina neman amincewarka a ware naira 1,200,000 a shekara don manhajar da za ta riƙa lura da shafinmu dare da rana. Daga Yuli zuwa Satumba shafin ya katse sau huɗu, jimillar minti 410, kuma minti 230 daga ciki sun wuce kafin mu sani. Da an faɗakar da mu cikin minti 5, da mun ceto cinikin kusan naira 420,000, alhali kuɗin manhajar na wata uku 300,000 ne. Na haɗa jadawalin katsewar huɗu da wannan wasiƙa."

Bayan wannan sai abin da kuɗin ya ƙunsa, da wanda zai karɓi faɗakarwa, da ranar da kake son amsa. Ka kuma yi alƙawarin kawo irin wannan jadawali bayan wata uku a kwatanta.

Idan ya ce ai akwai na kyauta fa?

Gaskiya ya faɗa, gara ma ka riga shi ambata. Zabbix, Prometheus da Uptime Kuma ba a biyan lasisinsu, amma suna cin saba ta daban da lokacin ma'aikacin da zai kafa su ya riƙa kula da su. Dole kuma sabar ta zauna a wani wuri dabam, don idan manhajar tana ɗaki ɗaya da abin da take gadi, wuta ko layi ya yanke, tare za su yi shiru. Na biya irin Datadog da dala ake lissafinsu, yawanci gwargwadon yawan saba, don haka ka rubuta farashin canjin da ka yi lissafi da shi da ranar da ka duba.

Tambayar da ta fi wannan wuya ita ce wa zai tashi ƙarfe biyun dare. Minti 5 ɗin da ka gina lissafinka a kai ba zai tabbata ba idan faɗakarwa tana zuwa imel ɗin da sai da safe ake buɗewa. Sa tsarin karɓa-karɓa na mako-mako a wasiƙar, da kuɗin kiran waya ko saƙon tes da zai tashi mai aikin dare, da alawus ɗinsa idan kamfanin yana biya.