Waiwaye: Yadda Aka Zo Ga Auna Kyan Bidiyo Da Makin SSIM Da VMAF

Duk wanda ya matse bidiyo domin ya rage masa nauyi sai ya zubar da wani abu daga cikin hoton, kuma abin da ake son sani shi ne ko idon mai kallo zai lura da abin da aka zubar. Tsohuwar hanyar ganowa ita ce a tara mutane su kalla. Ƙa'idar BT.500 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ta samo asali tun shekarar 1974, ta tsara hasken ɗaki da nisan zama da yadda za a ba da maki, sannan a haɗa makin masu kallon a fitar da matsakaici. Har yau wannan gwaji ne alƙali na ƙarshe, sai dai yana cin lokaci da kuɗi, kuma babu mai iya tara jama'a kan kowane fayil da ya matse. Daga nan aka shiga neman lissafin da zai tsaya a madadin idon mutum.

Na farko da ya yaɗu shi ne PSNR, wanda ke ɗaukar kowane ɗigon hoto na asali ya kwatanta shi da takwaransa a hoton da aka matse, ya tattara bambancin ya fitar da lamba a ma'aunin dB. Lissafin ba shi da wuya, amma bai san komai game da gani ba. Idan aka gusar da hoto gaba ɗayansa da ɗigo ɗaya tak zuwa dama, makin zai faɗi warwas alhali mai kallo bai ga canjin komai ba. Duk da haka, lokacin da ƙungiyar ƙwararru ta VQEG, wadda aka kafa a 1997, ta fitar da rahotonta na farko a shekarar 2000, babu ɗaya daga cikin sababbin ma'aunan da ta gwada da ya fi PSNR a zahiri.

Sauyi ya zo a 2004, da Zhou Wang da Alan Bovik da Hamid Sheikh da Eero Simoncelli suka gabatar da SSIM. Hujjarsu ita ce ido ba ya ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya, tsarin abin da ke cikin hoto yake bi. Saboda haka SSIM ke zagaya hoton da wata ƙaramar taga mai ɗigo 11 a tsaye da 11 a kwance, a kowane wuri ya kwatanta haske da bambancin haske da duhu da kuma tsari, ya ba da makin da ƙololuwarsa 1 ce. Wahalarsa a aikace ita ce makin bidiyon da aka matse yakan cunkushe a kusa da 1. Tsakanin 0.98 da 0.99 kamar babu tazara, alhali abin da ya rage a kai ga 1 ya ragu da rabi, shi ya sa manhajar matse bidiyo ta x264 ke bayar da makin a dB ma, inda waɗannan biyun ke zama kusan 17 da 20. Bugu da ƙari, hoto tsayayye aka ƙera shi dominsa, motsi ba ya cikin lissafinsa.

VMAF kuwa buƙatar kasuwanci ce ta haife shi. A ƙarshen 2015 kamfanin Netflix ya sanar da cewa ya daina matse duk fina-finai da ma'auni guda, tunda zanen katun mai launuka shimfiɗaɗɗu ba ya buƙatar yawan bit irin na fim mai ƙura da guje-guje. Wannan tsari ba zai yiwu ba sai da makin da ma'anarsa ba ta sauyawa daga wani fim zuwa wani. A watan Yuni na 2016 kamfanin ya saki VMAF kyauta, bayan aiki tare da masu bincike na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Kudancin Kalifoniya. VMAF yana haɗa ma'auni uku ne: VIF mai duba yawan bayanin hoto da ya tsira, DLM mai duba ƙananan siffofin da suka ɓace, da kuma yawan motsi tsakanin firam da firam, wato hotunan da ke jere a cikin bidiyo. An daidaita nauyin kowannensu da makin da masu kallo na gaske suka bayar, sakamakon kuma daga 0 zuwa 100 ne.

A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, domin makin yana ɗauke da sharuɗɗan gwajin da aka gina shi a kai. VMAF yana da samfura daban-daban, kuma samfurin da aka saba amfani da shi ya ɗauka cewa ana kallon talabijin mai 1080p daga nisan da ya ninka tsayin allon sau uku. Akwai samfurin waya, wanda ke ba fayil ɗin maki mafi yawa saboda ƙaramin allo na ɓoye aibi, akwai kuma na 4K. Mu ɗauka an matse bidiyo mai 1080p zuwa 720p. Dole a mayar da wanda aka matse zuwa girman na asali kafin a auna, kamar yadda wannan umarni na manhajar ffmpeg ke yi:

```
ffmpeg -i matsattse.mp4 -i asali.mp4 -lavfi "[0:v]scale=1920:1080:flags=bicubic[a];[a][1:v]libvmaf=log_fmt=json:log_path=vmaf.json" -f null -
```

Wanda aka matse ne ke zuwa farko, na asali ya biyo baya. Wanda ya yi akasin abin da ya kamata, wato ya rage na asali zuwa 720p, zai sami maki mai faranta rai amma na yaudara, tunda ya goge ainihin siffofin da ake son sanin ko sun ɓace. Idan kuma makin ya faɗi ƙasa sosai alhali hoton lafiya lau yake a ido, abu na farko da za a zarga shi ne firam-firam ɗin fayilolin biyu sun saɓa, ko da da guda ɗaya ne.

Lambar da ke fitowa a ƙarshe matsakaici ce, kuma matsakaici gwanin rufa asiri ne. A ce bidiyon minti 10 ne, sakan 590 sun sami 95, sauran sakan 10 na wani wuri mai duhu da hayaƙi sun sami 60. Matsakaicin zai zama kusan 94.4, sama da 93 da masu wannan sana'a da yawa ke ɗauka a matsayin inda mai kallo ya daina damuwa da aibi. Amma tazarar maki 6 ce aka saba ɗauka a matsayin abin da ido ke fara lura da shi, ga shi kuwa waɗancan sakan 10 sun faɗi da 35. A ganina fayil ɗin `vmaf.json`, mai ɗauke da makin kowane firam, ya fi wannan lamba guda amfani nesa ba kusa ba, domin shi ke nuna daidai wurin da za a buɗe a duba da ido.

Da VMAF ya zama abin gasa tsakanin masu ƙera manhajojin matsewa, sai aka gano cewa ƙara wa hoto kaifi ko bambancin haske kafin a matse shi yana ɗaga makin ba tare da matsewar ta inganta ba. Netflix ya amsa a 2020 da samfurin NEG, wanda ke hana irin wannan ƙarin ya zama riba, kuma shi ya fi dacewa idan manhajoji biyu ake kwatantawa. Wani giɓin shi ne samfurin da aka saba da shi haske kaɗai yake dubawa, ba ya duba launi, kuma ba ya kama layi-layin da ke bayyana a sararin samaniya ko bango mai duhu idan bit ya yi kaɗan. Saboda wannan aibi na ƙarshe ne kamfanin ya fitar da ma'auni na daban mai suna CAMBI a 2021, wanda ake gudanarwa tare da VMAF a kan fayil ɗin.