Auren da bai ƙullu ba da auren da ake iya warwarewa: ina bambancin yake?

A tsarin dokar iyali da ya samo asali daga Ingila, wanda ƙasashe da dama suka gada, ba kowane aibi ne yake kashe aure tun daga tushe ba. Wani aibin yana sa a ɗauki auren tamkar ba a taɓa ɗaura shi ba, ko da an yi shagali an kuma karɓi takardar shaida. Wani kuwa yana barin auren da ransa, sai dai ya ba ɗaya daga cikin ma'auratan damar zuwa kotu ya nemi a warware shi. Abin da ya raba su shi ne wanda aibin ya taɓa: idan ya saɓa wa ƙa'idar da al'umma ta gindaya wa kowa, auren bai ƙullu ba, idan kuma cutarwar ta tsaya a kan miji ko mata, doka takan bar wa wanda aka cuta zaɓi.

Dokar shari'o'in aure ta Ingila da Wales ta 1973 ta jera aibobi na farko a sashe na 11. Akwai kusancin jini ko surukuta da ya haramta aure, akwai rashin kai shekarun aure, waɗanda aka ɗaga daga 16 zuwa 18 a 2023, akwai yin watsi da wasu muhimman ƙa'idojin ɗaurin aure, sannan akwai kasancewar ɗayansu yana da auren da bai mutu ba a lokacin da aka ɗaura sabon. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yardar ma'aurata za ta gyara, domin ba haƙƙinsu ba ne balle su yafe. Sashe na 12 kuma ya kawo rukuni na biyu, wanda ya haɗa da gazawar kusantar juna bayan aure, da ƙin yin hakan da gangan, da ciwon sanyi mai yaɗuwa a lokacin ɗaurin aure, da samun amarya da cikin wani, da rashin cikakkiyar yarda.

Amfanin bambancin yana fitowa ne a ranar da aka yi mutuwa ko aka zo rabon dukiya. A ce wani mutum ya yi auren rajista, suka rabu da matar ba tare da kotu ta kashe auren ba, sannan ya je ya sake yin auren rajista da wata wadda ba ta san komai ba. Bayan shekara 4 matar farko ta rasu, shi da ta biyu suka ci gaba da zama har suka cika shekara 20, sannan shi ma ya rasu bai bar wasiyya ba. Mutane da yawa za su ɗauka cewa rasuwar matar farko ta share wa aure na biyu hanya, amma ba haka abin yake ba, domin ana auna ingancin aure ne da halin da ake ciki a ranar ɗaura shi, kuma a wannan rana mutumin mijin wata ne. Da sun sake ɗaura aure bayan rasuwar, da magana ta ƙare. Tun da ba su yi ba, ɗan'uwan mamacin ko ɗansa na ɗakin farko yana iya tayar da maganar a shari'ar gado, bayan mutuwar mijin, kotu kuma ta ce matar ba ta da kason matar mamaci, ko da doka ta bar mata wata kafar neman abin rufin asiri daga dukiyar.

Yanzu a sauya aibin. A ce mutumin ba shi da wani aure, amma ya gano bayan biki cewa amarya ta shigo da cikin wani. Wannan aure yana nan daram har sai shi mijin ya kai ƙara kotu ta warware shi, kuma babu wani dangi da zai shigar da ƙarar a madadinsa. Sashe na 13 ya ba shi shekara 3 daga ranar aure, ya kuma sharɗanta cewa bai san da cikin ba a lokacin. Idan ya nuna wa matar ya haƙura, alhali ya san yana da damar neman a warware, har ta saki jiki, kotu tana iya hana shi idan warwarewar za ta zama zalunci a kanta. Idan ya mutu bai kai ƙara ba, ita matarsa ce a idon doka, ta ci gadonsa, kuma babu mai sake buɗe zancen. Ko da an warware ɗin ma, sashe na 16 ya ce hukuncin yana aiki ne daga ranar da ya tabbata zuwa gaba, wato ana lissafa cewa an yi aure a tsawon zaman da aka yi.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne batun tilastawa, domin a nan ƙasashe ba su zama ɗaya ba. Hankali zai fara cewa auren da babu yarda a cikinsa ba aure ba ne sam, kuma haka aka ɗauke shi a Ingila kafin dokar 1971 ta mayar da shi rukuni na biyu. Hujjar sauyin ita ce, wadda aka tilasta wa aure tana iya zuwa daga baya ta aminta da mijin, kuma ba daidai ba ne wani can daga gefe ya rushe mata zaman da ta zaɓa. Amma dokar Ostireliya ta 1961 da dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta 1970, wadda ta shafi auren rajista kaɗai, sun bar rashin yarda a cikin abubuwan da suke hana aure ƙulluwa, ko ta hanyar tursasawa ne, ko yaudara, ko kuskure a kan wanda ake aura ko a kan ma'anar bikin. A ganina kowane ɓangare yana da abin da ya rasa. Tsarin Ingila ya mutunta zaɓin wadda aka cuta, amma wa'adin shekara 3 yana da nauyi a kan macen da take ƙarƙashin ikon waɗanda suka tilasta mata, domin sau da yawa ba ta samun sukunin zuwa kotu sai lokaci ya ƙure, sai ta koma neman saki.

Kuskuren da doka take nufi ma ƙuntatacce ne. Wanda ya auri mace yana zaton mai dukiya ce, ko mace ta auri namiji bisa ƙaryar da ya yi mata game da aikinsa, bai shiga wannan babi ba, domin sun san wanda suke aura, sun kuma san aure ake ɗaurawa.

Auren da bai ƙullu ba ba ya buƙatar hukuncin kotu kafin ya zama babu, duk da haka lauyoyi sukan ba da shawarar a nemi hukuncin. Dalili na farko shi ne a sami shaida a rubuce kafin a sake aure. Na biyu kuma, a Ingila hukuncin ne yake buɗe wa kotu ƙofar raba dukiya da yanke kuɗin ciyarwa, kamar yadda take yi a saki. 'Ya'yan da aka haifa kuwa, dokar Ingila ta 1976 ta ɗauke su halattattu matuƙar ɗaya daga cikin iyayen ya yi imani, bisa dalili mai ma'ana, cewa auren ingantacce ne, kuma matar da ke cikin misalin farko, wadda aka ɓoye mata auren baya, ta cika wannan sharaɗi.