Saya yanzu, biya daga baya: yadda jadawalin yake da abin da ke biyo bayan tsallake kashi ɗaya

An ce in biya sau huɗu babu kuɗin ruwa. Yaya ake raba kuɗin, kuma yaushe ake cirewa?

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake gani a allo da sunan Pay in 4. Ana raba kuɗin kaya gida huɗu daidai. Kashin farko ana cire shi nan take lokacin saye, sauran ukun kuma duk bayan mako biyu, don haka bashin yana ƙarewa cikin mako shida. Kamfanin da ya ba ka rancen ya riga ya biya mai shago kuɗinsa gaba ɗaya, saboda haka daga wannan rana bashin tsakaninka da kamfanin yake, mai shago ya fita daga ciki.

A ce kayan dala 400 ne, ka saya ran 3 ga Maris. Za a cire 100 a ranar, 100 ran 17 ga Maris, 100 ran 31 ga Maris, na ƙarshe kuma ran 14 ga Afrilu. Duba kwanakin nan da kyau. Kashi uku daga cikin huɗu, wato dala 300, duk a cikin watan Maris suka faɗo. Wanda albashinsa sau ɗaya yake shigowa a wata, idan ya ɗauka kowane kashi zai jira sabon albashi, to ya yi kuskuren lissafi tun daga farko. A nan yawancin matsalar take farawa, domin jadawalin yana bin ranar saye ne, bai san ranar da kuɗi ke shiga asusunka ba.

Ba sai ka tura kuɗin da hannunka ba. A lokacin rajista ka ba da izinin a riƙa cirewa kai tsaye daga katin da ka ɗaura, kuma ranar da lokaci ya yi za a nemi kuɗin ko kana sane ko ka manta.

To idan babu ruwa, ina kamfanin yake samun riba?

Babbar hanyarsa ita ce ladan da mai shago yake biya a kan kowane ciniki, wanda yawanci ya fi abin da ake cajinsa idan da kati aka biya. Mai shago ya yarda da hakan ne domin mutane sun fi sayen kaya masu tsada idan an rarraba musu biyan. Sai kuma tarar jinkiri daga waɗanda suka makara, da kuɗin ruwa a kan tsarin da ya ɗauki watanni.

Na ga wani tsari na wata shida, an rubuta kashi 3 cikin ɗari a wata. Ai wannan kaɗan ne, ko?

Sai an san a kan wane kuɗi ake lissafa kashi ukun. Ɗauki kaya na 1,200. Idan a kan asalin kuɗin ake lissafi kowane wata, cajin wata 36 ne, a wata shida ya zama 216, jimilla 1,416, kana biyan 236 duk wata. Amma ai bashin raguwa yake yi: wata na farko ana bin ka 1,200, na biyu 1,000, har zuwa 200 a wata na ƙarshe. Matsakaicin abin da ke wuyanka 700 ne kawai, kuma 36 a kan 700 ya haura kashi 5 cikin ɗari a wata. A wata na shida kana biyan 36 a kan bashin 200.

Saboda haka kada ƙaramin adadin wata ya ɗauke maka hankali. Abu biyu za ka nema a shafin ƙarshe kafin ka danna amincewa: jimillar abin da za ka biya, da adadin da ake rubutawa APR, wanda ke nuna tsadar rancen a shekara. Cire farashin kaya daga jimillar, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin rancen, ko da an kira shi kuɗin hidima ko kuɗin sarrafawa.

Ranar cirewa ta zo babu kuɗi a asusuna. Me zai faru?

Da farko cirewar za ta gaza, a turo maka saƙo, sannan a sake gwadawa bayan 'yan kwanaki. Kusan nan take kuma za a dakatar da kai daga sabon saye da tsarin har sai ka biya. Tarar ba lallai ta hau a ranar ba, domin wasu kamfanonin suna ɗaga ƙafa na wasu kwanaki. A Amurka, alal misali, cikin kamfanonin da ke ba da irin wannan rance, Klarna ta sa tarar jinkiri har dala 7, Afterpay har dala 8, kuma jimillar tarar ba ta wuce kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin kayan. Affirm kuwa ba ya cin tarar jinkiri. Waɗannan adadi suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wanda ke cikin yarjejeniyarka shi ne zai hau kanka.

Mu koma kan kayan dala 400. Ka tsallake na 17 ga Maris, tarar 8 ta hau. Jadawalin ba ya matsawa gaba don ka makara, don haka ran 31 ga Maris 208 ake nema a wurinka a dunƙule. Wanda 100 ta gagare shi mako biyu da suka wuce, da wuya 208 ta zo masa da sauƙi, kuma ta haka jinkiri ɗaya yake haifar da na biyu.

Akwai kuma asarar da ba ta bayyana a manhajar kamfanin. Wasu bankunan suna cajin mai asusu idan aka nemi kuɗi babu, ko su biya a madadinsa su ɗora masa kuɗin zarce iyaka. Idan kuma katin bashi ka ɗaura, kashin zai tafi lafiya, amma ya koma bashin kati mai ruwa.

Idan shiru ya yi tsawo, makonni suka zama watanni, yarjejeniyoyi da dama sun ba kamfanin damar neman duk ragowar kuɗin a lokaci ɗaya, ya kuma miƙa bashin ga kamfanin karɓo bashi. A wannan matakin ne sunan mutum kan shiga kundin hukumomin da ke ajiye tarihin bashi, abin da zai iya sa a hana shi rance nan gaba. A ganina wannan ya fi tarar dala 8 ciwo nesa ba kusa ba.

Na san ba zan iya biya a kan lokaci ba. Akwai abin yi?

Akwai, matuƙar ka motsa kafin ranar. Manhajoji da yawa suna barin a ɗage kashi ɗaya na wasu kwanaki, amma zaɓin yakan ɓace da zarar cirewar ta gaza. Duba kuma ko katin bai ƙare wa'adi ba, domin sau da yawa kuɗi na nan, tsohon kati ne ya hana su fita. Idan matsalar ta wuce ta mako ɗaya, kamar rasa aiki ko rashin lafiya, rubuta wa kamfanin ka nemi sassauci, ka ajiye amsar da suka ba ka. Kada ka toshe kati da zaton bashin zai tsaya; cirewar ce kawai za ta tsaya, tara ta ci gaba da hawa.

Na mayar da kayan, amma har yanzu ana cire mini kuɗi. Me ya sa?

Domin kamfanin rance ba ya soke jadawali sai mai shago ya tabbatar masa cewa kayan sun dawo, kuma hakan kan ɗauki kwanaki. Sanar da mayarwar a cikin manhajar tare da shaidar aikawa, wasu sukan dakatar da biyan na ɗan lokaci idan an yi haka. In ba a dakatar ba, ci gaba da biya. Idan aka tabbatar, za a soke kason da ya rage, a mayar da abin da ka riga ka biya zuwa katinka.